Amsa Buƙatar Ma'aikaci ta Sauya Lokacin Aiki: Bayani ga Shugabannin Sassa

Wannan bayani ya shafi shugabannin sassa a ƙananan hukumomi, da masu kula da ƙananan asibitoci, waɗanda ma'aikaci kan kawo wa takarda yana neman a sauya masa lokacin shigowa da tashi, ko a rage masa sa'o'in aiki. Irin wannan buƙata takan yawaita da faɗuwar damina, ko bayan haihuwa, ko idan jinya ta samu wani a gida. Ko shugaba ya amince ko ya ƙi, abin da ake so shi ne dalilinsa ya kasance na aikin ne, wanda za a iya rubutawa kowa ya karanta.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya bar tsayar da sa'o'in aiki ga yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi, ko yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago, ko hukumar tsara albashi. Dokar ba ta ba ma'aikaci haƙƙin zaɓar lokacin da ya ga dama ba, saboda haka yawancin waɗannan buƙatu roƙo ne.

Amma akwai wadda ba roƙo ba ce. Sashe na 54 ya ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a rana a cikin lokacin aikinta, kuma Dokokin Aikin Gwamnatin Tarayya na 2008 sun ba ma'aikaciya mai goyo sa'o'i biyu kullum har tsawon wata shida bayan ta dawo daga hutun haihuwa. Idan irin wannan takarda ta zo, sai shugaba ya duba ƙa'idar da ta shafi ma'aikatansa ya aiwatar da ita. Abin da ya rage a tattauna shi ne lokacin da ya fi dacewa ta fita.

Haka kuma, sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda jinsi, ko addini, ko ƙabila, ko asali, ko ra'ayin siyasa. Game da noma kuwa, ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Tsarin Mulkin ta hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwancin kansa, amma ta keɓe noma. Don haka ba laifi ba ne mutum ya rubuta cewa gona ce ta sa shi nema, ko da yake wannan bai ba shi izinin barin ofis a lokacin aiki ba.

Sauya lokaci daban, rage lokaci daban

Wanda ya nemi ya riƙa zuwa ƙarfe 10 ya tashi ƙarfe 6, maimakon 8 zuwa 4, sa'o'insa arba'in na mako suna nan cif. Wanda kuwa ya ce zai zo ƙarfe 11 ya tashi ƙarfe 4 ya zubar da sa'o'i uku kullum, wato sha biyar a mako, aikinsa ya koma sa'o'i 25. Wannan ya taɓa sharuɗɗan ɗaukar aiki da albashi, ya wuce hurumin mai kula da asibiti ko shugaban sashe. Sai ya rubuta shawararsa a kan takardar, ya tura ta ga sashen mulki domin ta kai ga hukumar da ta ɗauki ma'aikacin. Shugaban da ya amince da baka don tausayi, daga baya masu binciken rajista suka zo, ma'aikacin ne zai amsa takardar tuhuma kan fashin aiki, ba shi da shaidar komai a hannu.

Misali daga ƙaramin asibiti

A ɗauka akwai asibitin ƙauye mai ma'aikata huɗu, ana buɗewa ƙarfe 8 a rufe ƙarfe 4. Talata ranar rigakafin yara ce, Alhamis ranar awon ciki. Mai ba da kati ya rubuto yana neman daga Yuni zuwa Satumba ya riƙa zuwa ƙarfe 10 ya tashi ƙarfe 6, domin ya yi aikin gona da sanyin safiya.

Kafin ta yanke hukunci, mai kula da asibitin sai ta buɗe rajistar marasa lafiya ta watanni uku da suka wuce, ta ga lokacin da jama'a suke cika. A ce ta tarar mata kusan arba'in ke hallara kafin ƙarfe 10 a ranakun Talata da Alhamis, amma a ranakun Litinin da Laraba ba sa wuce goma. Idan mai kati ba ya nan ranar rigakafi, dole a janye mai allura ta koma teburin kati, layi ya tsaya, matan da suka zo daga nesa su kai azahar. Ranar Litinin kuwa ma'aikaci guda zai iya haɗa kati da sauran aikinsa. Tambaya ta biyu ita ce ko akwai aikin gaske tsakanin ƙarfe 4 da 6 bayan an sallami jama'a. Ga mai kati akwai: jera katuna da haɗa rahoton wata. Da mai duba marasa lafiya ne ya nema, da sa'o'in nan biyu zaman banza ne.

Bayan haka sai ta zauna da shi, domin mai yiwuwa kwana biyu a mako sun ishe shi, ya nemi biyar ne don a rage. Sa'an nan ta ba shi amsa a rubuce, kamar haka:

“Malam, na samu takardarka ta 12 ga Mayu. Na amince ka riƙa zuwa ƙarfe 10 ka tashi ƙarfe 6 a ranakun Litinin da Laraba, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba. Ban amince da Talata da Alhamis ba, domin rajista ta nuna mata kusan arba'in ke zuwa kafin ƙarfe 10, kuma babu wanda zai riƙe teburin kati ba tare da an tsayar da allura ko awo ba. Juma'a ma tana nan yadda take, saboda ranar ake cike bayanan mako da safe. Za mu sake duba tsarin bayan mako huɗu. Idan ba ka gamsu ba, kana iya rubuta wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma.”

Za a ajiye kofi guda a fayil ɗinsa, a kuma gyara jadawalin aiki da ke liƙe a bango.

Dalilan da ba su tsayawa

“Ba a taɓa yi ba” ba dalili ba ne. Haka “idan na ba ka kowa zai nema”, domin wannan tsoron abin da bai faru ba ne, ba cikas ga aikin yau ba. Hanyar gane dalili mai ƙarfi ita ce shugaba ya cire sunan mai nema ya sa sunan wanda ya fi shiri da shi a wurin aikin. Idan amsar ta sauya, to, dalilin ba na aiki ba ne. Shiru ma ba amsa ba ce: takardar damina da aka riƙe har Agusta an ƙi ta ne ba tare da an faɗi dalili ba. Mako biyu sun isa a duba rajista a ba da amsa.

Matsala ta gaske takan taso idan mutum na biyu ya nemi ranakun da aka riga aka ba wani. A asibitin misalinmu ba zai yiwu ma'aikata biyu cikin huɗu su makara ranar Litinin ba, kuma wannan dalili ne karɓaɓɓe ko da uzurin na biyun ya kai na farko. A nan ne amfanin sa wa'adi yake fitowa: tun da izinin farko zai ƙare 30 ga Satumba, ana iya rubuta wa na biyu cewa shi ne a gaba idan lokacin girbi ya zo, ko kuma a tara su biyun su raba ranakun, ɗaya Litinin ɗaya Laraba, a sa hannu a kan sabon jadawali.