Yadda ake neman a mayar da kuɗi idan yaro ya yi sayayya a cikin manhajar waya

Wasannin waya da dama ana sauke su ne kyauta, amma a cikinsu akan sayar da sulalla ko ƙarin matakai da kuɗin gaske. Idan katin banki yana haɗe da asusun Google Play ko na Apple, yaro na iya kashe kuɗin iyayensa ba tare da ya san abin da ya yi ba. A shekarar 2014, hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta sa Apple ya amince ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma aƙalla dala miliyan 19, saboda irin wannan sayayya.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne hanzari. A Google Play, an fi samun nasara idan aka nemi kuɗin cikin sa'o'i 48 da yin sayayyar. Bayan haka, galibi sai a koma ga kamfanin da ya ƙirƙiri wasan, wanda ke da nasa sharuɗɗa.

Misali, uwa ta ga saƙon banki na cire kuɗi sau uku a daren Juma'a. Da farko za ta duba imel ɗinta, inda rasidin Google ke ɗauke da lambar oda mai farawa da GPA. Sai ta shiga play.google.com, ta buɗe Payments & subscriptions, sannan Budget & order history, ta danna Report a problem a gaban kowace sayayya, domin kowacce buƙatarta daban. Ta bayyana cewa ɗanta ne ya saya ba da izininta ba, kuma ta kammala kafin daren Lahadi.

Masu iPhone kuwa za su shiga reportaproblem.apple.com, su zaɓi Request a refund, su nuna dalili da abin da aka saya. Apple kan ba da amsa cikin sa'o'i 24 zuwa 48, amma kuɗin na iya kaiwa kwana 30 kafin ya koma katin. Duka kamfanonin biyu suna da ikon ƙin amincewa.

Wani kuskure da ake yi shi ne kai ƙara banki a matsayin damfara, alhali ɗan gida ne ya yi sayayyar. Hakan na iya jawo a taƙaita asusun. Haka nan, goge wasan ba ya dakatar da biyan kuɗi na wata-wata. Sai an soke shi a sashen Subscriptions.

Don gudun maimaituwa, a saita Google Play ya riƙa neman kalmar sirri a kowace sayayya. A iPhone kuma, a rufe In-app Purchases ta cikin Screen Time.