Lissafin goma sha biyu: ƙashin bayan waƙoƙin da suka haifi rok an rol

1/ Jama'a, akwai wani ma'auni guda da aka ɗinka dubban waƙoƙin Amurka a kansa, daga na makaɗan jita na ƙauyukan Mississippi har zuwa na Elvis Presley da James Brown da Prince. Buluz mai gaɓa 12 ake ce masa. In kuna son jin misali yayin karatu, ku rubuta `12 bar blues` a YouTube. Zaren yana da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Mu fara da ƙirga. Kunna waƙa, ka bi ta da tafi: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Bugu huɗun nan su ne gaɓa ɗaya. In ka yi haka sau 12, ka yi zagaye ɗaya na buluz, bugu 48 ke nan. Sai a koma farko. Waƙar duka maimaicin wannan zagayen ce, kalmomi ne kawai ke canzawa.

3/ Sai kod, wato sautuka uku ko huɗu da ake dannawa tare a fiyano ko jita. Buluz na buƙatar kod uku kacal. Na farko ni ina kiransa gida, nan kunne yake hutawa. Na biyu maƙwabta ne, ka fita amma ba ka yi nisa ba. Na uku shi ne bakin titi, inda kunne ke matsuwa a koma gida. Makaɗa suna rubuta su I da IV da V. In gidan C ne, sauran biyun F da G ne:

```
C | C | C | C
F | F | C | C
G | F | C | C
```

4/ Ku dubi hoton da kyau, layi uku ne, kowanne gaɓa huɗu. Haka baitin waƙar ma yake. Mawaƙi ya faɗi magana a layi na farko. Ya sake faɗinta a na biyu, amma yanzu kod ya koma F, don haka kalmomin da ka riga ka ji sai su zo da wani nauyi daban. A layi na uku ya kawo jawabin. Ga wanda na ƙirƙira yanzu don misali:

Mai gida ya ce in biya haya ko in kwashe kayana
Na ce mai gida ya ce in biya haya ko in kwashe kayana
Albashin da nake jira tun wancan wata bai shigo hannuna

5/ Wannan maimaicin ba lalaci ba ne. Mutumin da ke ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a, layi na biyu ne ke ba shi sararin tunanin abin da zai rufe da shi. Mai sauraro kuma an ja masa rai: ya ji matsalar sau biyu, yana jiran yadda za ta kaya. Kuma jawabin yana faɗowa daidai kan G, inda kiɗan ya fi ɗaurewa. Magana da sauti suna kai ƙololuwa lokaci guda. A ganina wannan shi ne sirrin duka.

6/ Akwai kuma gurbin da ake bari. A kowane layi, murya takan cinye kusan gaɓa biyu ne, sauran biyun na kayan kiɗa ne su mayar da martani. Duk wanda ya taso yana jin mawaƙi da 'yan amshinsa ya san wannan tsarin, sai dai a nan jita ko ƙaho ne ɗan amshin. Ku nemi St. Louis Blues da Bessie Smith ta rera a 1925. Duk layin da ta ajiye, Louis Armstrong na ɗauka da ƙahonsa ya ba ta amsa.

7/ Daga ina abin ya fito? Daga baƙaƙen fatar kudancin Amurka, 'ya'ya da jikokin bayin da aka 'yanta a 1865, a wajajen ƙarshen ƙarni na 19. Kira da amsa, da lanƙwasa murya tsakanin sauti da sauti, gadon Afirka ne da ya rayu a waƙoƙin gona da na coci. Kod ukun nan kuwa daga kiɗan Turai suke. Shi ya sa in na ji an ce buluz kacokan daga Afirka ta Yamma aka ɗauke shi, nakan ce a yi a hankali. Jijiyar ta nan ce, amma gaɓa 12 ɗin a can aka gina ta.

8/ Su ma makaɗan farko ba su ɗauki 12 a matsayin doka ba. Mutum ɗaya da jitarsa a baranda, in ya ga dama ya ja layi ya kai gaɓa 13, ko ya yanke a 11. Wa zai hana shi? Abu biyu ne suka daskarar da lissafin. Na farko takarda: W. C. Handy, mai jagorantar ƙungiyar makaɗa, ya buga The Memphis Blues a 1912, sai St. Louis Blues a 1914, kuma abin da aka rubuta dole ya sami adadi. Na biyu taro: in mutum biyar za su yi kiɗa tare, dole kowa ya san inda za a juya.

9/ Nan ne amfaninsa ya fito fili. Makaɗan da ba su taɓa haɗuwa ba, ɗaya ya ce "buluz a C", ya ƙirga huɗu, shi ke nan an tafi. Ba takarda, ba atisaye. Ga kuma faifan wancan zamani da ke ɗaukar kusan minti uku a kowace fuska. In waƙa na tafiya bugu 120 a minti, zagaye ɗaya daƙiƙa 24 ne, wato zagaye bakwai da ɗoriya sun cika faifai. Baiti huɗu ko biyar, zagaye biyu na mai jita, an gama.

10/ Da baƙaƙen fata suka yi ta ƙaura zuwa biranen arewa, ma'aunin ya bi su. Masu fiyano suka sa masa gudu da hannun hagu, abin da ake kira bugi-wugi. Muddy Waters ya isa Chicago a 1943, ya koma jita mai lantarki don a ji shi cikin hayaniyar mashaya. Kaya sun canza, sauri ya canza, ƙirgan bai motsa ba.

11/ Yanzu mu ɗauki waƙa ɗaya mu bi ta: Hound Dog. Wasu samari biyu Turawa, Jerry Leiber da Mike Stoller, suka rubuta wa Big Mama Thornton. Ta ɗauka a Los Angeles a 1952, aka saki a 1953, ta yi mako bakwai a saman jadawalin waƙoƙin baƙaƙen fata. A bakinta, mace ce ke korar wani malalacin namiji da ke zuwa ya ci ya sha a gidanta. Kiɗan a natse yake, tana gurnani, jitar Pete Lewis na amsa mata a gurbin nan da muka ce.

12/ A 1956 Elvis ya ji wata ƙungiya, Freddie Bell and the Bellboys, suna yin ta a Las Vegas da kalmomin da aka sauya, an cire zafin maganar macen an mayar da ita abin raha. Wannan sigar ya ɗauka a New York ranar 2 ga Yulin shekarar. Ku kunna tasa ku ƙirga da jadawalin da na sa a sama, don a C take. Gaɓa huɗu a gida. A ta biyar, daidai inda ya maimaita layin farko, kiɗan ya ɗaga zuwa F. A ta tara ya hau G, ya sauko F, sai ganga ta yi ruwan bugu ta mayar da kowa farko. In Scotty Moore ya karɓa da jita, ku ci gaba da ƙirgawa, shi ma 12 yake yi cif.

13/ Waƙoƙin biyu ba su yi kama a kunne ba ko kaɗan, amma ƙashinsu ɗaya. Faifan Elvis, da Don't Be Cruel a ɗaya fuskar, ya yi mako 11 a lamba ɗaya. Ita kuwa Thornton ta sha faɗin cewa dala 500 ta samu a tata. Ma'aunin ba na kowa ba ne, ba mai rajistarsa, amma kuɗin da ya haifar sun san hanyar da suka bi.

14/ Daga nan sai ya cika gari. Rock Around the Clock ta Bill Haley a 1954, Tutti Frutti ta Little Richard a 1955, What'd I Say ta Ray Charles a 1959, The Twist da Chubby Checker ya yi a 1960. Duk zagayen nan ne.

15/ Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka fara wasa da shi. Chuck Berry a Johnny B. Goode, 1958, ya riƙe gaɓa 12 amma ya watsar da maimaicin layi. Ya cusa layi shida na labari a ciki, bai bar gurbin amsa ba, sai a amshi ya dawo da musayar murya da jita. Wato ma'aunin da aka yi don kuka ya zama na ba da labari da gudu.

16/ Beatles kuma a Can't Buy Me Love, 1964, baitin ne kawai buluz. Da an zo amshi sai su fice zuwa wasu kod masu taushi da babu su a cikin ukun nan. Daga nan buluz ya zama ɗaki ɗaya a cikin gida, ba gidan duka ba. James Brown ya bi ta wata hanyar: I Got You da Papa's Got a Brand New Bag, duka 1965, suna kan zagayen, amma ƙarfin ya koma kan ganga da bes. Zuwa Cold Sweat a 1967 ya fara zama a kan kod ɗaya na dogon lokaci, fank ke nan.

17/ Bai mutu ba. Kiss ta Prince a 1986, in ka cire ƙyale-ƙyalen, tafiyar nan ce daga gida zuwa maƙwabta zuwa titi. Give Me One Reason ta Tracy Chapman, 1995, buluz ce tsantsa, har da maimaicin layi.

18/ Gargaɗi ga masu ƙirga, don akwai tarko. Wasu waƙoƙin suna leƙa F tun a gaɓa ta biyu su dawo, kada ka ɗauka ka kai ta biyar. Wasu suna ƙarewa da G a gaɓa ta 12 don su jefa ka sabon zagaye. In ka samu 24, wataƙila da ninkin sauri kake tafi, rage rabi. Kuma mawaƙi kan fara kafin bugun farko, kamar yadda Elvis ya yi a Hound Dog, don haka bes za ka bi, ba murya ba.

19/ Kuma ba kowace buluz ce 12 ba. Heartbreak Hotel ta Elvis gaɓa takwas ce. Boogie Chillen ta John Lee Hooker, 1948, kusan kod ɗaya ce daga farko har ƙarshe, shi ya sa masu jin Ali Farka Touré na Mali suke jin ɗanɗanonsa a ciki. Yawancin waƙoƙin da ke tashe yau, har da afrobit ɗin da ke wayoyinku, suna juyawa ne a kan kod kaɗan da ke maimaituwa duk gaɓa huɗu ko ƙasa da haka, wannan wani gini ne daban. Alamar da ba ta ƙarya ita ce gaɓa ta biyar da ta tara: in kiɗa ya ɗaga a ta biyar, ya dawo a ta bakwai, ya hau can sama a ta tara, to buluz ce, ko da mai waƙar sanye yake da kwat mai ƙyalli.