Sharuɗɗa huɗu da ya kamata ma'aikaci ya fahimta kafin sa hannu a kwantiragin aiki

Yawancin masu karɓar takardar ɗaukar aiki sukan duba adadin albashi ne kawai su sa hannu. Amma rigingimun da ke kai ma'aikaci da kamfani gaban alƙali sun fi tasowa daga sassan da suka tsara yadda za a rabu: lokacin gwaji, wa'adin notis, hana yi wa abokin hamayya aiki, da sharuɗɗan sallama. Waɗannan huɗun tare ake karanta su, domin su ne ke nuna abin da mutum zai fita da shi ranar da aikin ya ƙare.

Wa doka ta kare?

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda asalinta na shekarar 1974 ne, ta wajabta a sashe na 7 a bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Sai dai sashe na 91 ya taƙaita waɗanda dokar ke kira ma'aikata ga masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, ya fitar da masu aikin gudanarwa da ƙwararru. Saboda haka akanta ko injiniya ko manaja a kamfani mai zaman kansa, takardar da ya sa wa hannu ita ce babbar madogararsa. Ma'aikatan gwamnati kuma ƙa'idojin aikinsu daban ne.

Lokacin gwaji

Dokar ba ta ƙayyade tsawon lokacin gwaji ba, amma an saba da wata uku zuwa shida. Ban da tsawonsa, a duba ko kamfani na da ikon tsawaita shi da kuma sau nawa, a duba notis ɗin da za a bayar a cikinsa, wanda galibi ya fi gajarta, sannan a duba yadda ake tabbatar da mutum a aiki. Matsala takan taso idan wa'adin ya wuce kamfani ya yi shiru. Kotuna sun sha ɗaukar cewa wanda aka bari ya ci gaba da aiki yana karɓar albashi bayan ƙarewar gwaji tamkar an tabbatar da shi ne, amma samun wannan hukunci sai an yi shari'a. Ya fi sauƙi a rubuta tun farko cewa idan wa'adin ya cika ba a aiko da wasiƙa ba, tabbatarwa ta zauna.

Wa'adin notis

Sashe na 11 ya tsara mafi ƙarancin notis ga waɗanda dokar ta shafa. Kwana ɗaya ne ga wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, sai wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Notis na mako ɗaya ko fiye dole ya kasance a rubuce, kuma ana iya biyan kuɗi a madadinsa. A lissafin wannan kuɗi dokar ba ta sanya alawus-alawus da kuɗin ƙarin lokaci ba, kuma nan ne mutane da yawa ke tafka asara.

A ɗauki misalin akanta da wani kamfani a Kano ya yi wa tayin naira 300,000 a wata. A jadawalin da ke bayan takardar, gundarin albashin naira 120,000 ne, sauran kuɗin gida ne da na mota da makamantansu. Takardar ta ce kamfani zai iya sallamarsa da notis na wata ɗaya ko gundarin albashin wata ɗaya, shi kuwa idan zai tafi sai ya ba da notis na wata uku ko ya biya cikakken albashin wata uku. Ke nan kamfani zai rabu da shi yau a kan naira 120,000, alhali shi idan ya sami aikin da ba zai jira shi ba sai ya biya naira 900,000. Idan kuma a cikin gwaji aka sallame shi, inda notis ɗin mako ɗaya ne, abin da zai karɓa kusan naira 30,000 ne. Gyaran da ya kamata ya nema a fili yake: wa'adi iri ɗaya ga ɓangarorin biyu, da lissafi a kan ma'auni ɗaya.

Hana yi wa abokin hamayya aiki

Wannan sharaɗi yana hana ma'aikaci shiga kamfanin da ke gogayya da tsohon wurin aikinsa, ko buɗe irin sana'ar, na wani lokaci bayan ya bar aiki. Ƙa'idar da kotunan Najeriya ke bi, wadda Kotun Ƙoli ta jaddada a shari'ar Koumoulis da kamfanin Leventis Motors a 1973, ita ce irin wannan hani ba ya tsayawa sai ya kasance bisa adalci, yana kare wani haƙƙi na gaskiya kamar sirrin kasuwanci ko alaƙa da abokan ciniki. Alƙali kan auna tsawon lokacin, da faɗin yankin, da irin aikin da aka hana. Dokar Gasar Kasuwanci da Kare Masu Saye ta 2018 ma ta sanya shekara biyu a matsayin iyakar irin wannan hani.

Idan takardar akantan nan ta hana shi aiki da kowane kamfani mai irin wannan harka a faɗin Najeriya na shekara biyu, mai yiwuwa kotu ta ga an wuce gona da iri. Duk da haka, wasiƙar lauya guda na iya sa sabon kamfani ya janye tayinsa tun kafin a je kotu. Don haka gara ya nemi a rage hanin zuwa wata shida, a taƙaita shi ga Jihar Kano da abokan cinikin da ya yi hulɗa da su, a kuma rubuta cewa ba zai yi aiki ba idan kamfanin ne ya sallame shi ba tare da laifi ba.

Sallama da kora

Kalmomin biyu ba ɗaya ba ne. Sallama rabuwa ce da notis ko kuɗin madadinsa, tare da haƙƙoƙin da mutum ya tara. Kora kuwa hukunci ne a kan babban laifi, ba notis, kuma galibi ana rasa kuɗin sallama. A duba ko takardar ta lissafa laifukan da ke jawo kora, ko kuwa ta bar su ga yadda shugabanni suka ga dama, a kuma duba ko ta tanadi takardar tuhuma da damar kare kai. Idan ta ce kundin ƙa'idojin ma'aikata ɓangare ne na yarjejeniyar, a nemi kofinsa a karanta, domin shi ma zai hau kan mutum.

A da, kamfani na iya sallamar ma'aikaci ba tare da faɗin dalili ba muddin ya ba da notis. Tun bayan gyaran Kundin Tsarin Mulki na 2010, wanda ya bai wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin shari'o'in ƙwadago da ikon duba ƙa'idojin ƙasa da ƙasa, kotun ta yanke a shari'o'i da dama cewa sallama ba tare da ingantaccen dalili ba rashin adalci ne. Sai dai a kamfanoni masu zaman kansu abin da aka fi samu diyya ce, mayar da mutum bakin aikinsa ba kasafai ba.

Duk gyaran da aka amince da shi a shigar da shi cikin takardar kafin sa hannu, domin alkawarin baki na da wuyar tabbatarwa a kotu. Ma'aikaci ya ajiye kofinsa mai ɗauke da sa hannun ɓangarorin biyu da kwanan wata.