Tace Gajeren Bidiyo: Yadda Ake Tsayar Da Wa'adi Da Farashi

Tace gajeren bidiyo shi ne aikin rage ɗanyen bidiyon da aka ɗauka zuwa abin da za a iya kallo a TikTok, Instagram Reels ko YouTube Shorts. Ana shirya shi a tsaye, daidai fuskar waya, a ma'aunin 9:16, galibi da manhajar CapCut ko Adobe Premiere Pro. Masu shirya barkwanci da 'yan kasuwar da ke tallata hajarsu a intanet su ne manyan masu neman wannan aiki.

Wa'adin aiki

Wa'adi yana farawa ne daga lokacin da dukkan kayan aiki suka shiga hannun edita, wato bidiyon, tambarin shago da farashin kaya. A nan saɓani ya fi tasowa: mai aiki yana ƙirgawa daga ranar da aka yi magana, edita kuwa daga ranar da saƙo na ƙarshe ya iso. Yini ɗaya zuwa biyu shi ne wa'adin da aka saba bayarwa kan bidiyo guda.

Hanyar turawa ma tana shafar lokaci. WhatsApp yana matse bidiyo idan aka tura shi kai tsaye, sai hoton ya fito dishi-dishi, a sake neman na asali. Shi ya sa editoci ke son a turo musu ta zaɓin Document ko ta Google Drive.

Yanke farashi

Tsawon bidiyon da ya fito ba shi ne ma'auni ba. Sa'o'in da aikin ya ci su ne ake lissafawa. A ɗauki misalin mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ya turo ɗanyen bidiyo na minti 12, yana son na minti ɗaya. Kallo da yankewa za su ci sa'a guda. Rubuta maganarsa a ƙasan hoto zai ci wata sa'ar, domin sai an bi ta kalma-kalma, an kuma zaɓi salon rubutun da ke nuna ƙ, ɗ da ɓ. Daidaita sauti da launi, don atamfar ta fito da kalarta ta gaskiya, haɗe da gyaran ƙarshe, za su cika sa'a ta uku.

Idan edita ya ƙiyasta sa'arsa kan Naira 2,000, ladan aikin ya kama 6,000. Sai ya ɗora, a ce, 1,500 na data, man janareta da kuɗin manhaja, farashi ya tsaya 7,500. Aikin gaggawa yana jawo ƙari, wanda kuma ya ƙulla yarjejeniyar bidiyo da yawa a wata yakan samu rangwame.

Abin da ke cinye ribar edita shi ne gyara marar iyaka. Don haka ake fayyace adadinsa tun farko, sau ɗaya ko biyu, a karɓi kafin alƙalami, sannan sauya rubutu ko kiɗa bayan an amince da aiki ya zama sabon ciniki.