Zaɓen Man Giya da Lokacin Canza Shi a Rufaffen Akwatin Giya na Masana'anta cikin Zafi da Ƙura

Tsakure

Maƙalar ta duba akwatin giya mai haƙora a karkace da ke jan bel a wurin fasa dutse, a yanayi irin na Kano. An lissafa kaurin mai a ainihin zafin da akwatin ke aiki, aka kiyasta tsufansa. Abin da ya bayyana shi ne zafi ne ke yanke lambar man da za a zuba, amma ƙura ce ke yanke ranar da za a zubar da shi, don haka mai mai tsada ba ya biyan kuɗinsa sai an toshe wa ƙura hanya.

Gabatarwa

Ƙa'idar ƙungiyar masu ƙera giya ta Amurka, AGMA, ta daɗe tana ba da shawarar a yi canjin farko bayan awa 500, daga nan kuma duk bayan awa 2,500 ko wata 6, wanda ya riga zuwa. Ita kanta ƙa'idar ta ce a taƙaita lokacin idan wurin na da ƙura ko zafi. Ko nawa za a taƙaita, nan ne aka bar injiniya da dabararsa. A Kano zafin rana kan kai 40°C a watan Afrilu, hazon hunturu kuma kan rufe gari daga Nuwamba zuwa wajen Maris, ban da ƙurar da masana'antar ke tayarwa da kanta.

Hanyar Nazari

An ɗauki misalin akwati mai hawa biyu da ke ɗaukar kilowat 45, ana aiki da shi dare da rana. Idan kashi 3 cikin 100 na ƙarfin ya salwanta, kimanin kilowat 1.4 ke zama zafi, kuma ta jikin akwatin kaɗai zai fita. An ƙaddara cewa man yana 70°C a lokacin sanyi, yana kaiwa 85°C da bazara idan ƙura ta lulluɓe jikin. An fitar da kauri da lissafin Walther, wanda ma'aunin ASTM D341 ya ginu a kansa.

Kauri a Zafin Aiki

Lambar da ke jikin duro, wato ISO VG 220 ko 320 ko 460, kaurin man ce a 40°C, da sassaucin kashi 10 sama ko ƙasa. Haƙoran giya ba sa ganin 40°C sai in an kashe inji. Man fetur na asali mai lamba 220 yana da kauri kusan 52 cSt a 70°C, amma a 85°C ya sauko zuwa 30. Mai lamba 320 yana ba da kimanin 39 a 85°C, mai 460 kuma kusan 51. Ke nan idan maƙerin akwatin ya rubuta 220 da tunanin man zai tsaya a 70°C, sai an haura hawa biyu kafin a sami irin kaurin da ya nufa.

Ba na ganin haura hawa biyun a matsayin mafita. Mai mai kauri yana ƙara wa giya wahalar kutsawa cikinsa, wannan kuma ƙarin zafi ne. Da asubahin hunturu, lokacin da sanyi kan sauka ƙasa da 15°C, in an tayar da inji bayan ya tsaya, man 460 yana nauyin da fantsamarsa ba ta isa boris na sama da wuri. Haɗaɗɗen mai irin PAO mai lamba 320 ya fi dacewa, domin kaurinsa ba ya zubewa da sauri: yana riƙe kimanin 54 cSt a 85°C, kuma yana gudu da safe. Kowanne aka zaɓa, ya zama mai sinadarin jure matsi wanda ya cika sharaɗin CLP na DIN 51517-3 ko CKD na ISO 12925-1. Nau'in PAG ya fi jure zafi, sai dai ba ya haɗuwa da man fetur, kuma yana cin wasu fenti da robobin sil. A wurin da duk galan ɗin da aka tarar da shi ake ciko, ban ba da shawararsa ba.

Tsufan Mai

Abin da aka saba aiki da shi shi ne duk ƙarin 10°C yana raba rayuwar mai biyu, saboda saurin haɗuwarsa da iskar oksijin. Idan aka ba man fetur awa 10,000 a 70°C, kamar yadda wasu maƙera ke yi:

```
L = 10000 / 2^((85 - 70)/10) ≈ 3500
```

Awa 3,500 ga injin da ba ya hutawa bai kai wata 5 ba. Awa 2,500 na AGMA kuwa kwana 104 ne kawai. Wanda ya riƙe "wata 6" ya manta da awannin ya wuce gona da iri. Alamun tsufa su ne man ya yi duhu, ya yi ƙaurin ƙuna, kaurinsa ya hau da fiye da kashi 10 zuwa 15, asid ɗinsa kuma ya riƙa ƙaruwa.

Ƙura

Duk wannan lissafi na mai mai tsabta ne. Akwatin da ake kira rufaffe yana numfashi: da rana iskar ciki ta faɗaɗa ta fita, da dare ta tsuke ta jawo ta waje ta hancin da ke samansa. Hancin da yawancin akwatuna ke zuwa da shi hula ce kawai mai ɗan raga. Sauran ƙofofin su ne sil ɗin shaf da ya bushe don zafi, da mazurarin da aka ajiye a ƙasa, da duron da aka bari a buɗe.

Shimfiɗar man da ke tsakanin haƙori da haƙori ba ta cika wuce maikiron 1 ba, ƙwayar silika mai maikiron 5 zuwa 10 kuwa ta fi ƙarfen giya tauri. Idan aka buɗe murfi za a ga fuskar haƙori ta yi dusu-dusu da siraran zane a tsaye, in an murza man ƙasan akwati tsakanin yatsu a ji tsaki-tsaki. Ita ƙurar tana kankaro ƙarfe, garin ƙarfen kuma yana hanzarta tsufan man. PAO mai ƙura yana cin haƙori daidai da mai mai arha.

A ɗakin gwaji, silikon shi kaɗai ba hujja ba ne, domin maganin kumfa da gam ɗin gasket ma suna ɗauke da shi. Idan silikon da alminiyam suka hau tare, kusan 3 ga 1, ƙarfe kuma ya biyo baya, ƙura ce. Gwajin ICP ba ya ganin ƙwayoyin da suka haura kimanin maikiron 8, saboda haka a haɗa shi da ƙidayar ISO 4406 da ma'aunin PQ.

Tsarin da Nazarin ya Nuna

Ga akwatin misalinmu, idan man fetur ne kuma ba a gyara komai ba, kada a wuce awa 2,500, kuma a sa canji ɗaya ya faɗo a ƙarshen hunturu, don kada man da ya sha ƙura ya shiga bazara. A juye shi da zafinsa, jim kaɗan bayan an kashe inji, kafin datti ya kwanta. Kafin a koma PAO, a fara sa hanci mai matatar maikiron 3 da sinadarin tsotse laima, a sabunta sil, a yi wa akwatin rumfa, a riƙa share jikinsa, sabon mai kuma a tace shi kafin a zuba. Bayan haka a ɗebi samfur duk wata 3, duk wata a lokacin hazo, daga tsakiyar man yayin da inji ke aiki, a bar sakamakon ya faɗi ranar canji. Lambobin zafin da aka yi aiki da su ƙaddarawa ce. Kowace masana'anta ta auna nata man da tsakar ranar Afrilu ta sa shi cikin lissafin, kuma in ya kusanci 95°C, sai a nemo fanka ko na'urar sanyaya mai kafin a yi maganar lamba.