Ƙuri'a, Holoƙon Magani da Gwajin Kano na 1996

A nan Zakka, wani da an soka masa allura sai ya ce ya ji sauƙi, tun ruwan bai gama shiga jiki ba. Sa rai kaɗai yana iya rage jin ciwo, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. To ta yaya za a gane aikin magani na gaskiya?

Sai a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Sa rai da warkewar da jiki ke yi da kansa suna kowane ɓangare, don haka bambancin da ya rage na maganin ne.

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada Trovan a kan yara kusan 200 a Kano. Sanƙarau na kisa, bai halatta a ba yaro holoƙon ƙwaya ba, shi ya sa rabinsu suka samu seftiriyazon, maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu: 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗayan. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu ba, kuma an rage adadin seftiriyazon ɗin. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. In ka raunana abin kwatance, ai sabon magani zai yi kyau a banza.

Jinyar damuwa ta hanyar tattaunawa kuwa, ba a iya ɓoye wa mutum abin da ake masa. In aka kwatanta shi da masu jiran layi kawai, sakamakon kan kumbura.

Duk gwajin da kuka ji, ku tambaya: da me aka kwatanta? Sai shiri na gaba.