Tsoron Yunwa a Matsayin Gado: Nazari Daga Rumbunan Dogon Daji

A Dogon Daji da ƙauyukan Tambuwal da Kebbe akwai magidantan da ba sa yarda a taɓa tsohon gero har sai sabo ya shigo gida, ko da rumbu a cike yake. Matasa kan kira wannan rowa. Hujjar wannan maƙala ita ce tsoro ne da aka gada, kuma ana iya bin sawunsa.

Mu ɗauki mutumin da aka haifa a 1965. Yana da shekara takwas lokacin farin 1973, sa'ad da gero ya bushe a tsaye, shanu suka yi ta mutuwa. Kakar da ta rene shi, idan an haife ta wajen 1905, tana yarinya aka yi Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914 wadda Michael Watts ya yi bayaninta a littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewacin Nijeriya. Abin da yaron ya gani a 1973 sai ya gaskata masa duk abin da kakarsa ke faɗa game da cin dusa da haƙar gidan tururuwa don neman tsaba. Yau shi ne mai fitar da awo, jikokinsa kuma suna kallon yadda fuskarsa ke sauyawa idan ruwa ya ɗauke kwana goma a tsakiyar damina. Ba su taɓa kwana da yunwa ba, amma sun koyi sauke murya a irin wannan rana.

Wasu masana na ganin abin yana bin jini. Gaskiya ne an gano cewa waɗanda aka yi cikinsu a yunwar ƙasar Holan ta 1944 zuwa 1945 sun fi takwarorinsu kamuwa da ciwon suga da na zuciya bayan sun girma. Sai dai wannan shaida ce kan ɗan da ke cikin uwa, ba ta tabbatar da cewa tsoro na isa ga jika ta ƙwayar halitta ba. Hanyar da muke gani da ido ita ce tarbiyya: faɗan da ake yi wa yaro kan ragowar tuwo, da shirun da ake yi kan ƙanen da bai rayu ba.

Ba kowane tsimi ne rauni ba, domin a ƙasar da damina ba ta da alkawari ajiye dammunan shekara guda hankali ne. Rauni yana bayyana ne inda tanadin ya daina bin hali, wato a rage wa yara da mai shayarwa abinci alhali ƙwari na cin hatsi a rumbu, ko a ƙi sayar da dami biyu don kai mai zazzaɓi asibiti.

Waɗanda suka ga 1973 da wayonsu sun haura sittin yanzu. Ina roƙon ɗaliban tarihi da na nazarin halayyar ɗan'adam a jami'o'in Sakkwato su je su zauna da su, musamman mata, su ɗauki maganarsu tun suna raye.